Baro Biyar a Bakin Ƙofa

Ranar Asabar ce, an kwana ana yayyafi, gari ya waye a lumshe, ba rana ba iska. Auta ya fito tun kafin matarsa ta ɗora ruwan shayi, ya yaye ledar da ya lulluɓe buhunan siminti da ita a baranda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da tafin hannu. Takwas ne, duk suna nan da laushinsu, babu wanda laima ta taɓa. Ya leƙa ƙofar gida ya ga tulin yashi ya jiƙe ya yi duhu. Wannan bai dame shi ba, ya san maganinsa.

Aikin na mahaifinsa ne. Baba magini ne, a hannunsa Auta ya koyi riƙon cokalin gini, kuma shi ya gina gidan da suke ciki tun Auta bai san kansa ba. Watannin baya ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ta tafi ta bar masa 'yan kalmomi da ba su cika hannu ba: to, a'a, ruwa. Ɗakinsa na da yana da matakala uku, keken marasa lafiya ba ya hawa, don haka tun da aka sallamo shi daga asibiti a falo yake kwana, tsakanin kujeru da keken ɗinkin matar Auta, wadda duk unguwa ke kira Tela.

Yaya, babbar 'yar Baba, tana aure a wani gari mai nisa, a gidan da aka shimfiɗe da tayil tun daga ƙofa har bayi. Da ta zo dubiya ta ga inda mahaifinta yake kwana ba ta yi faɗa ba. A tsaye ta faɗi maganarta, jaka a kafaɗa.

"Auta, Asabar ta sama zan dawo da mota. In na tarar da ɗakin da keke zai shiga ya juya ya fito, na bar maka shi. In ban tarar ba, ka haɗa min kayansa."

Baba ya ce, "A'a."

"Baba, da Auta nake."

Ɗaki ɗaya ne a gidan da ba shi da matakala, tsohon siton da ke ƙarshen baranda. Ƙofarsa da faɗi. Auta ya kwashe katakai da gwangwanaye da tsoffin baro marasa taya da suka shekara da shekaru a ciki, ya tarar da kankare ba daɓe, duk ya farfashe a sama, kuma ya ɗan yi ƙasa da baranda. Ya ɗora tef ɗin awo a bakin ƙofa: santimita biyar. In aka yi daɓe mai kaurin biyar, ɗaki da baranda za su zama ɗaya, keke ya wuce sumul.

A jikin bangon siton ya yi lissafinsa da ƙusa, Tela tana tsaye da tsintsiya yana yi mata bayani, ko da yake ba ta tambaya ba.

"Faɗi mita huɗu, tsawo biyar, ashirin ke nan. Ashirin sau santimita biyar, kubik ɗaya cif. Amma in kin haɗa busasshen yashi da siminti kika zuba ruwa kika danna, raguwa suke yi, don haka sai a ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku. A raba wannan gida biyar, ɗaya na siminti, huɗu na yashi. Buhu bakwai da rabi. Na ce takwas."

"Yashin fa?"

"Kowane buhu baro biyu. Sha shida. Amma mai tifa ya zubo min fiye da ashirin, yashi ba abin rowa ba ne."

"To, Allah ya sa dai kar ka bar min bango da zane-zane."

Lissafin ba shi da aibu ko ɗaya. Ko Baba, lokacin da yake da baki, da haka zai yi shi.

Abokin aikinsa ya iso ana gama karyawa, shebur a kafaɗa. Dattijo ne ƙaƙƙarfa da ya yi wa Baba kwaɓa shekaru masu yawa kafin ya koma bin ɗansa. Miksa ake ce masa, don an ce inda yake ba a hayar injin kwaɓa siminti. Ya durƙusa ya gaida Baba, wanda Tela ta turo kekensa har bakin ƙofar siton don ya sha kallo.

"Maigida, yau kai ne sufeto ke nan. A yi mana sassauci."

Baba bai yi dariya ba. Idonsa yana kan kankaren. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna cikin ɗakin ya ce, "Ruwa."

"Tela!" in ji Auta. "Baba na son ruwa."

Ta kawo a babban kofin silba. Baba ya dube ta, ya dubi kofin, ya kurɓa kaɗan don kada ya kunyata suruka, ya miƙa mata.

Akwai tiyo siriri mai haske da magina ke cika wa ruwa su zagaya ɗaki da shi, su yi alama a bango, don ruwa ba ya ƙarya wajen daidaito. Auta yana da shi, amma ya ara wa wani tun watan jiya, kuma zuwa karɓowa zai ci masa safiya. Sai ya ja igiya daga dokin ƙofa zuwa bangon baya, ya daidaita ta da lebur, ƙarfen nan mai ƙwayar iska a tsakiya, ya kwaɓa ɗan siminti ya yi tudu-tudu a kusurwoyi da tsakiya, waɗanda katako zai bi ta kansu. Tudun kusurwar baya ya sha kwaɓa fiye da yadda ya zata. Ya gani sarai.

Miksa ma ya gani. "Wannan tudun naka ya yi ƙiba."

"Rami ne a kusurwar. Tsohon kankare ai sai haka. Gaba zai daidaita."

"Ka sa tef mana."

"Kawu, hadari nake gudu. Fasa buhu."

Suka share ɗakin, suka yayyafa masa ruwa da tsintsiya har kankaren ya ƙoshi, suka shafa ruwan siminti a ƙarshen baya don sabon ya kama tsohon. Miksa ya auno yashi baro biyu, ya yi musu tozo saboda jiƙaƙƙen yashi kumbura yake yi, baro ɗaya ba ya cika baro ɗaya. Ya juya shi da siminti a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan ya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Auta ya damƙi kwaɓar a hannu ya matse, ta dunƙule ba ta ɗiga ba. Daidai.

Daɓe daga ciki ake fara shi a ja da baya zuwa ƙofa, in ba haka ba mutum ya rufe kansa. Auta ya durƙusa a ƙarshen ɗakin, Miksa yana juye masa kwano, shi yana bazawa, yana dannawa, yana jan dogon katako a kan tudun nan yana aske abin da ya yi yawa. Hannunsa da sauri, ko maƙiyinsa ya san wannan. Abin da Baba ya sha yi masa faɗa a kai ma ke nan. Aji biyu Auta ya yi a sakandare ya ce benci yana cizonsa. Ya taɓa kanikanci, ya taɓa tuƙi, ya dawo gini don a nan ne kawai ake barinsa ya yi ta motsi.

Buhu na biyu ya tafi, na uku ya bi shi.

"Ruwa," in ji Baba, da ƙarfi wannan karon.

Tela ta tsayar da keken ɗinki ta fito. "Baba, ko mai sanyi kake so?"

"A'a. Ruwa."

"Ikon Allah. Baba, ruwan ne ai."

Miksa ya share gumi ya ce, "Maigida, mu ke aiki kai ke jin ƙishi? Haka ka yi mana shekara talatin."

Baba ya buga hannun keken da tafinsa. Tela ta ajiye masa kofin a cinya ta koma, tana cewa ko maganin da aka canja masa ne ke busar masa da maƙogwaro.

Wajen azahar Miksa ya zazzage buhu na biyar ya karkaɗe shi. Auta ya gama jan katako a kan wannan kwaɓar, ya miƙe ya dafe ƙugu. A nan Baba ya sunkuyo daga kan kekensa iya yadda jikinsa ya bar shi, ya miƙa kofin nan ta cikin ƙofa, ya tuntsurar da ruwan gaba ɗaya a kan kankaren da ba a kai ga rufewa ba. Kofin ma ya suɓuce ya bi bayansa yana ƙara.

"Haba Baba!"

Auta bai ƙarasa ba. Ruwan bai tsaya inda aka zuba shi ba. Ya yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan ya miƙe siriri, ya bi tsakanin ƙafafun Auta, ya nufi bayan ɗakin bai karkace ba, har ya je ya kwanta a gindin sabon daɓen.

Baba ya nuna shi da yatsa. "Ruwa," ya ce, a hankali.

Miksa ya ajiye shebur. "Wallahi na tuna. Nan muke wanke kayan aiki da. Da gangara Maigida ya zuba shi, akwai 'yar kafa a bangon baya da ruwa ke fita, daga baya aka toshe. Ni na kwaɓa masa ma. Kai, tsufa bai yi ba."

Auta ya ciro tef. Ya sa a bakin daɓen da ya tsaya: bakwai da ɗoriya. Ya tuna tudun kusurwar baya, ya san tara ne ko bai auna ba. Biyar a ƙofa, tara a baya. Tsakaninsu bakwai. Ba sai ya ɗauki ƙusa ba, a ka ya yi: ashirin sau bakwai, kubik ɗaya da kusan rabi, buhu sha ɗaya. Ya auna abin da ya rufe: mita biyu kacal cikin biyar. Buhu biyar sun tafi a nan. Saura mita uku, suna neman buhu shida, ko biyar da rabi in an matsa. Ya leƙa baranda. Uku.

Ya kira mai shagon siminti. Mutumin ya ce takwas ɗin nan da ya ba shi su ne na ƙarshe, ya manta? Mota sai Litinin, in Allah ya yarda. Ya kira wasu biyu, ɗaya bai ɗaga ba, ɗaya ya ce shi ma Litinin ɗin yake jira.

Miksa ya ce, "To ai shi ke nan. Mu ƙarasa ukun nan yadda ya kamata, inda suka tsaya ka sa katako ka yanke shi miƙe. Litinin mu ɗora."

"Litinin ɗin mai shago? Satin da ya wuce ma Litinin ya ce, sai Alhamis ta zo. In ta kai Alhamis, yaushe zai sha ruwa ya yi ƙarfi? Yaya ta zo ta tarar da rabin ɗaki?"

"Ta tarar da rabin ɗaki mai kyau."

"Ba ka san Yaya ba."

"Ni na kai ta makaranta a kafaɗa, yaro."

Auta ya dubi sama, hadarin yana nan bai tafi ba bai sauko ba. Ya dubi tulin yashi a ƙofar gida, mai yawa, har da saura. Fuskar Baba ce kawai ya ƙi duba.

"Kawu, wannan buhun ka ba shi baro uku."

Miksa ya dube shi. "Gidanku ne," ya ce, ya ɗauki baro.

Baro uku ba abin kunya ba ne sosai, an sha yi a wuraren da ba a takawa. Kwaɓar ta ɗan yi haske, shi ke nan. Amma da ta ƙare Auta ya auna abin da ya rage ya ga ukun ba za ta fitar da shi ba. Buhu na bakwai ya sha baro huɗu. Kowane baro sai ya bi ta gaban Baba kafin ya isa inda ake kwaɓa, kuma Baba yana ƙirga su da yatsun hagu a kan cinyarsa. Da na huɗu ya wuce ya ce, "A'a."

"Baba, na sani. Zan ba shi ruwa sosai, zai kama."

"A'a."

"Tela, zo ki mayar da Baba falo, ƙura na damunsa."

Baba ya riƙe ƙarfen taya da hannunsa mai lafiya. Tela ta tura, keken ya ƙi motsi. Ta dubi mijinta, ta saki, ta koma ciki.

Kafin a fasa buhu na ƙarshe Auta ya ɗebi rabin kwano na siminti tsantsa ya ajiye gefe. Sauran ya sha baro biyar. Miksa yana juyawa yana magana da shebur ɗinsa.

"Yashi, ga siminti ya aiko a gaishe ka. Ya ce ba zai samu zuwa ba."

"Kawu, don Allah."

"Ni ban ce komai ba."

Auta ya matse kwaɓar a hannu, ya buɗe, ta wargaje. Ya ce a ƙara mata ruwa don ta yarda ta kwanta, ko da yake ya san yawan ruwa ƙara kashe ta yake yi. Haka ya ja da baya yana shimfiɗa ta har duwawunsa ya taɓa ƙafar keken Baba. Sannan ya ɗauko simintin nan da ya ɓoye, ya barbaɗa a saman mita ukun kamar mai sa hoda, ya bi da cokali yana gogewa har fuskar ta yi santsi ta ɗauki ƙyalli. Da ya miƙe, ɗakin ya zama abu ɗaya daga bango zuwa ƙofa, ya haɗe da baranda ko tsinke ba zai tsaya a tsakani ba. Duk wanda ya leƙo sai ya ce ma sha Allah.

Ga yadda abin ya kasance: can ciki, inda gado zai zauna ba mai takawa, daɓen kamar dutse yake. Nan bakin ƙofa, inda keke zai shiga ya juya ya fita kullum, yashi ne da fatar siminti a kai.

Miksa ya wanke shebur ɗinsa, ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Maigida, a yafe mu." Baba ya kau da kai.

Ranar Litinin da hantsi mai shago ya kira ya ce mota ta iso, buhu nawa za a ajiye masa? Auta ya ce ya gama, ya gode. Ya daɗe riƙe da wayar bayan an kashe.

Duk satin bai fita aiki da wuri ba. Ya shimfiɗa tsoffin buhuna a kan daɓen, safe da yamma yana jiƙa su. In ya makara Baba ya ce "ruwa" daga falo, yanzu kuwa ba wanda ya kawo kofi, Auta ke tashi ya ɗauki bokiti. Ya yi wa bango fenti, ya sa labule, ya ɗaura ƙarfen dafawa kusa da inda gado zai zauna. Ran Alhamis, da Tela ta shiga wanka, ya durƙusa a bayan ƙofa ya danna farcen babban yatsa a daɓen. Fatar ta riƙe. Ya sa kan makulli ya ɗan murza. Makullin ya shige, yashi ya biyo shi. Ya shafe wurin da yawu ya tashi.

Yaya ta iso Asabar da hantsi, ita da direba. Ta gaida Baba, ta sha ruwa, ta ce a nuna mata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi fenti, ta dubi labule, ta girgiza ƙarfen dafawa ta ji ko zai cire.

"Auta, ashe kana jin magana. Shigo da shi mu gani."

Auta ya turo keken. Ya wuce dokin ƙofa ba ko gargada. Ya kai shi har gadon da aka shigar, ya juyo da shi a can ciki inda ya san ƙasa, ya dawo. Da ma a nan aka tsaya.

"Juya shi nan bakin ƙofa," in ji Yaya. "Ai nan za a riƙa juya shi in za a kai shi bayi."

Ya juya. Ƙaramar tayar gaba ta murɗa a wuri ɗaya, aka ji ɗan ƙaras kamar an taka ɓawon ƙwai. Yaya tana duba hasken taga, ba ta ji ba. Auta ya ji. Baba ma ya ji. Ya sunkuyar da ido ya ga wurin, fatar ta fashe kamar faɗin tafin hannu, yashi ya fito fili.

Wannan mutum ne da ya taɓa sa a rushe katangar da aka gama saboda ta karkace da kaurin yatsa. Ya taɓa korar ɗansa daga wurin aiki a gaban leburori saboda kwano ɗaya na yashi da ya ƙara. Sai ga shi ya sauke ƙafarsa ta hagu daga kan matakin keke a hankali, ya ɗora silifas ɗinsa a kan ramin, ya danne.

"Baba, ɗakin ya yi maka?" in ji Yaya.

"To," in ji Baba.

"Za ka zauna?"

"To."

Auta ya juya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Da sun tsira, sai dai Yaya ba ta iya ganin ɗaki ba ta share ba. Ta ce a miƙo mata tsintsiya ta kakkaɓe kafin a shimfiɗa darduma. Ta faro daga ciki, ba abin da ta tara sai ɗan ɓurɓushin fenti. Da ta zo kusa da ƙofa tsintsiya ta fara kawo yashi daga layin da taya ta bi. Ta share, ta sake sharewa, yashin yana ƙaruwa.

"Wannan daga ina? Baba, ɗaga ƙafarka in share."

"A'a."

"Ɗaga mana, Baba."

"A'a."

Ta durƙusa ta ɗaga ƙafar da kanta, kamar yadda take yi in za ta sa masa safa. Ta ga ramin. Ta sa yatsa ta tona, yatsan ya shige har gaɓa. 'Yar magini ce, ba ta nemi bayani ba. Ta murza yashin tsakanin yatsu biyu ta dubi ƙaninta.

"Baro nawa?"

"Yaya, kankaren ne yake da gangara, ban..."

"Baro nawa ka ba buhu?"

"Biyar. Nan bakin kawai."

"Daga ina ya fara?"

Ya taka ya nuna mata da ƙafa, mita biyu daga bangon baya.

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi damunsa ke nan. "Wata ɗaya wannan zai zama rami. Taya ta faɗa ciki da shi a kai, kana wurin aiki, Tela ita kaɗai, wa zai ɗaga shi? Sai ka fasa. In kana fasawa ƙura za ta cika gidan, ga tarin da yake yi. Zan tafi da shi. In ka gama, ya bushe, ka kira ni in zo in sa makulli in gani."

"Yaya, kwana goma kawai."

"To, kwana goman zai yi a wurina."

Tela ce ta haɗa kayan, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Auta da direba suka ɗaga Baba suka sa shi a kujerar baya, aka naɗe keken aka sa a but ɗin motar. Auta ya sunkuya ta taga yana neman abin da zai ce. Baba ya kamo wuyan rigarsa da hannun hagu ya jawo shi kusa, bakinsa yana motsi, yana kokawa da wata kalma da ba ta cikin ukun nan. Ba ta fito ba. Ya sake shi, ya ɗaga masa yatsu biyu, ya girgiza su a gaban hancinsa.

"Na ji, Baba. Biyu."

Washegari Miksa ya zo da guduma da kurfi, ya tarar ba a bukatarsu sosai. Wajen ƙofa da shebur kawai suka kwashe daɓen, kamar ana kwasar ƙasa. Sai da suka kai inda buhu na biyar ya tsaya guduma ta fara tsalle tana dawowa. Auta ya karɓo tiyonsa, ya cika shi da ruwa, ya zagaya bango yana alama, Miksa yana riƙe da ɗaya bakin. Buhu shida suka shiga, baro biyu-biyu. Daɓen ya sha ruwa ya yi ƙarfi, Auta ya sa makulli, makullin ya zame ya bar ɗan farin layi.

Ya kira Yaya. Ta ce madalla, amma an fara yi wa Baba gashin ƙafa a wani asibiti kusa da su, likitan ya ce kada a katse, a bari sai bayan damina a gani. Ya ce a ba shi Baba. Aka kara masa wayar a kunne, Auta ya gaya masa komai, kauri da buhu da baro. Baba ya ce, "To."

Damina ta wuce, Yaya ta ce a bari sanyi ya wuce. Tela ta mayar da keken ɗinkinta ɗakin, ta ce a nan ba ya rawa, amma ta ajiye shi gefen taga, ba ta taɓa gadon ba.

Abin da ya tafi a wannan aiki: siminti buhu uku, yashi baro sha biyu, kofin silba ɗaya da ya lotse, da Baba, wanda har yanzu yana can.